Lambobin Wa Kika Ba Facebook?

Wata Hajiya mai sayar da turaren wuta da humra ta turo mini lambobin waya 9,000, ta ce in haɗa mata Lookalike Audience, wato Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta duba mutanen nan ta nemo masu kama da su a nuna musu talla. Na ce, "Hajiya, duk waɗannan sun taɓa sayen kaya a wurinki?" Ashe waɗanda suka taɓa biyan kuɗi ba su wuce 700 ba. Sauran daga guruf-guruf na WhatsApp aka kwaso su: na biki, na adashi, na tsofaffin 'yan makaranta.

Ni a wurina 700 ɗin nan sun fi 9,000 ɗin daraja nesa ba kusa ba. Manhajar ba ta san mai saye da mai taya ba, irin da ka ba ta shi take shukawa. Ka ba ta masu cewa "nawa ne?" su ɓace, za ta kawo maka dubunnan irinsu, saƙonni su cika waya, aljihu kuwa shiru. Meta na buƙatar aƙalla mutum 100 daga ƙasa ɗaya, tana kuma ba da shawarar 1,000 zuwa 5,000, amma daga cikin kwastomominka na ƙwarai.

Kuma waɗanda ta iya ganewa a dandalinta take ƙirgawa, shi ya sa gyaran jerin ba wasa ba ne. Lambar da ta fara da 0803 sai a cire sifilin, a sa 234 a gaba. A duba Excel da kyau, domin yakan mayar da doguwar lamba wani abu kamar 2.35E+12, in aka ajiye fayil a haka ta lalace. Mun cire maimaici, muka ƙara suna da gari, muka fara da 1%, wato kashi ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar da suka fi kama da na jerinmu, kafin a yi maganar faɗaɗawa.

Abin da ya fi damuna shi ne amana. Matar da ta shiga guruf ɗin biki ba ta ba da lambarta don a miƙa wa kamfanin talla ba. Za a ce ai ana rikiɗa lambobin da SHA-256, wata hanyar sauya musu kama ta yadda ba za a iya karanta su ba, kafin su isa Meta. Gaskiya ne, amma rikiɗawa ba izini ba ce. Lokacin ɗora jerin kana amincewa da cewa kana da hurumin amfani da bayanan, kuma Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, da hukumar NDPC mai sa ido a kai.

Ko 700 ɗin ma sai da muka tura musu saƙo muka faɗi abin da za a yi da lambarsu. Wasu sun ce a'a, wasu ba su amsa ba, duk muka cire su. Yanzu duk mai yin oda Hajiya takan tambaye ta tun a saƙon farko, ta rubuta amsar kusa da sunanta.