Riga huɗu, wando uku da sanyin Istanbul

Lokacin da na tashi tafiyar mako biyu daga Accra a watan Janairu, kwana shida a Istanbul sauran kuma a Dubai, na bugi ƙirji a gaban mai ɗakina cewa jakar hannu ɗaya tak za ta ishe ni. Ta ce, "Allah ya sa, Maigida," ta ci gaba da dakan sakwararta.

Lissafin nawa ba shi da aibu a takarda. Na zaɓi riga huɗu da wando uku, dukansu tsakanin fari, ruwan toka da shuɗi mai duhu, ta yadda kowace riga za ta hau kowane wando, wato shiga 12 ke nan. Kaftanin shadda shi ne ɗan tawaye, domin ba ya yarda da wandon kowa sai nasa, amma na cusa kore guda ɗaya saboda Juma'a. Don sanyi kuwa na tanadi rigar sanyi da wata kwat mai nauyi da na tsinto a gwanjon Kantamanto. Tikitina ya ba ni kilo 8, sikelin maƙwabcinmu a Nima ya nuna 10, saboda haka na sanya kwat da rigar sanyin a jikina na doshi filin jirgin Kotoka cikin zafin da ya haura digiri 30, ina zufa har wata tsohuwa a layi ta ce, "Sannu ɗana, zazzaɓi ne?"

A kwana na huɗu ruwan Istanbul ya jiƙa wandon da ke jikina sharkaf, ni kuma tun da safe na riga na wanke sauran biyun a lokaci guda, na rataye su a banɗakin da ba shi da taga. A Accra rana ce ke yi mini wannan aiki kafin la'asar, amma a garin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 10, jins da auduga mai kauri sai su kwana biyu ƙugu da aljihunsu na nan da danshi. Shigata 12 ta koma sifili. Washegari na shiga kasuwar Laleli da kwat a sama, koren wandon shadda a ƙasa, iska na ratsa shi kamar rariya.

A can wani ɗan kasuwa daga Zangon Kumasi, bayan ya gama dariyarsa, ya ce, "Alhaji, ɗaya ake wankewa a bar biyu." Ya nuna mini a naɗe wandon cikin tawul a tattaka shi, sannan a rataye kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ya ƙara da cewa yadi marar kauri mai haɗin roba shi ke bushewa kafin asuba.

A Dubai komai ya bushe cikin dare ɗaya, sai dai kwat ɗin ba ta da gurbi a jaka, don haka na yi ta rungumarta kamar jaririya har na dawo Nima.