Sankarau: ido ba ya bambance na bakteriya da na bairas, ku bari a ɗebi ruwan baya

Jama'ar Sakkwato, bazara ta kama, kuma duk mai aiki a ɗakin yara na asibiti ya san abin da watannin nan suke kawo mana. Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin iyaye idan likita ya yi zaton sankarau ya ce zai ɗebi ruwan bayan yaronsu, wato ruwan da ya kewaye ƙwaƙwalwa da laka, don gwaji: "A'a likita, a dai ba shi magani, kada a taɓa masa baya, gurguncewa zai yi." Tausayi ne yake sa su faɗi haka, na sani. Amma wannan ƙin yana cutar da yaranmu, shi ya sa nake son in yi bayani dalla-dalla.

Sankarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ƙwayoyin cuta iri biyu ne suka fi kawo shi. Na bairas yawanci yana wahalar da mutum mako ɗaya zuwa kwana 10, sannan ya warke da hutu da ruwa da maganin zazzaɓi. Na bakteriya kuwa yana iya kashe mutum cikin awa 24. Nau'in da yake mana annoba a nan, wato meningokokas, idan ba a yi magani ba yana iya kashe rabin waɗanda ya kama. Ko an yi maganin ma, kusan ɗaya cikin 10 yana rasuwa, kuma cikin waɗanda suka tashi, kamar ɗaya cikin biyar yana tashi da wata nakasa, mafi yawa kurunta.

Mu ba labari muka ji ba. Muna tsakiyar yankin sankarau da ya miƙe daga Senegal har Habasha. A 1996 annobar ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2017 ta sake tasowa daga Zamfara, ta shigo Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja, ta kashe fiye da mutum 1,000. Ta 2017 ɗin meningokokas nau'in C ne ya kawo ta, alhali rigakafin da aka yi wa jama'a a shekarun baya na nau'in A ne kaɗai. Don haka idan uwa ta ce mini "ai an yi masa allurar sankarau", ba na cire cutar daga raina. Sai a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da rigakafin Men5CV, mai kare mutum daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Shi ma bai shafi nimokokas ba, wata bakteriyar da take kawo sankarau mai tsanani.

Matsalar ita ce a ranar farko duka biyun kamanninsu ɗaya. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, sanƙarewar wuya. Kuma kada a zauna jiran wuya ya sanƙare. A manya ma, waɗanda suke zuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya da ruɗewar hankali duk a tare ba su kai rabi ba. Jariri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya nuna komai. Shi sai dai a ga ya ƙi nono, yana kuka mai tsini wanda ɗauka ba ta rarrashinsa, maɗigarsa ta kumburo ta yi tauri, ko ya yi laushi, ko ya fara jijjiga.

Akwai alama ɗaya da nake roƙon kowace uwa ta riƙe. Idan wasu ɗigo-ɗigo ja ko baƙi-baƙi suka fito a fata tare da zazzaɓi, a danna kofin gilashi a kansu. Idan ana ganinsu ta cikin gilashin ba su dushe ba, jini ne ya tsiyaya a ƙarƙashin fata, alamar bakteriyar ta shiga jini. A fatarmu ba sa saurin bayyana, sai a duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Wanda ya ga haka, ko ƙarfe biyun dare ne, ya nemi abin hawa. Rashin ganinsu kuma ba ya nufin lafiya lau.

Sai kuma zazzaɓin cizon sauro da yake ruɗa mu. Yaro yana iya samun maleriya a jininsa kuma yana da sankarau a lokaci guda. Gwajin maleriya ya nuna akwai, sai hankalin kowa ya kwanta, a tafi gida da magani, ainihin cutar tana ci. A watan Maris ko Afrilu, lokacin da sauro ya yi ƙaranci, yaro mai zazzaɓi da ruɗewa ya cancanci a yi masa zaton sankarau ko me gwajin ya nuna.

To me ake yi idan an ce za a ɗebi ruwan baya? Ana kwantar da mara lafiya a gefensa, ya naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji don ƙasusuwan baya su buɗe. A wanke wurin, a sa siririyar allura a can ƙasan baya, daidai saitin saman ƙashin ƙugu. A babban mutum laka tana ƙarewa a sama da wannan wurin, a yaro ƙarami tana ɗan saukowa, shi ya sa ake ƙara yin ƙasa. Allurar ba ta kai wa ga laka. Abin da ake ɗiba ɗan kaɗan ne, kuma jiki yana sarrafa kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, cikin ɗan lokaci ya mayar da shi. Abin da ya fi biyo baya shi ne ciwon kai na 'yan kwanaki. Yaran da mutane suke cewa "tun da aka cire masa ruwa ya kurumce", cutar ce ta kurumta su. An ɗebi ruwan ne saboda ciwonsu ya riga ya yi tsanani, sai allura ta ɗauki laifin da ba nata ba.

Ruwan mai lafiya garau yake. Fararen ƙwayoyin jini a cikinsa ba sa wuce biyar a kowace maikurolita, furotin bai wuce miligiram 45 a desilita ba, sukarinsa kuma kusan kashi biyu cikin uku ne na sukarin jini. Saboda haka ake auna sukarin jini a daidai lokacin da ake ɗibar ruwan.

Mu ɗauki misali da yara biyu da aka kawo rana ɗaya, duk da zazzaɓi da amai da sanƙarewar wuya. Na farko ɗan shekara bakwai, nauyinsa kilo 20. Ruwansa ya fito gurɓatacce kamar ruwan wankin shinkafa. Tun kafin a kai ɗakin gwaji likita ya san da abin da yake fama. Sakamako ya nuna fararen ƙwayoyi 2,400, kashi 90 cikin 100 nutirofil ne, wato waɗanda jiki yake turawa gaba idan bakteriya ta shigo. Furotin ya kai 220. Sukarin ruwan 18 ne, na jini kuma 90, ke nan kashi ɗaya cikin biyar. Duk lokacin da sukarin ruwa ya faɗi ƙasa da kashi 40 cikin 100 na sukarin jini, hankalin likita yana komawa kan bakteriya. Idan aka shafa wa ruwan rini aka duba a madubin ƙara girma, aka ga ƙwayoyi bibbiyu manne da juna masu launin ja-ja, meningokokas ne.

Ta biyu yarinya ce. Ruwanta garau, fararen ƙwayoyi 120, mafi yawansu limfosait, wato waɗanda suka fi yawa idan bairas ne ya shigo, furotin 70, sukari 58 a kan 90 na jini. Wannan ya yi kama da bairas. Idan ta ci gaba da samun sauƙi kuma bakteriya ba ta tsira daga ruwanta a ɗakin gwaji ba bayan kwana biyu, ana iya dakatar da alluran maganin bakteriya da aka fara mata a sallame ta. Da iyayenta sun hana a ɗiba, dole a ɗauke ta a matsayin mai bakteriya, ta sha allurai na kwanaki, a kashe kuɗin da ba a buƙatar kashewa.

Lissafin nan yana da iyaka, kuma likitan kirki ya san haka. A awannin farko na sankarau na bairas, nutirofil suna iya yin rinjaye. Na tarin fuka kuma yana zuwa da limfosait, amma sukari ya faɗi, furotin ya hau sosai, ciwon ya ɗauki makonni yana tafiya a hankali. Abin da ya fi ɓata mana aiki a garin nan shi ne kafso ɗin da ake saye a kemis a ba yaro kwana biyu kafin a kawo shi. Bai isa ya kashe cutar a cikin ƙwaƙwalwa ba, amma ya isa ya hana bakteriyar tsira a ɗakin gwaji, har ya sauya kamannin ruwan. Idan kun riga kun ba da, don Allah ku faɗa wa likita, ku zo da kwalin.

Ga 'yan uwana ma'aikatan lafiya, musamman na ƙananan asibitocin ƙauyuka, maganata ita ce gwaji ba ya gaban magani. Duk wanda aka yi wa zaton sankarau na bakteriya ya kamata allurar farko ta shiga jikinsa cikin awa ɗaya da isowarsa. Idan za a iya ɗibar ruwa nan take, a ɗiba sannan a yi allura. Idan babu mai ɗiba, ko mara lafiya ya yi dogon suma, ko yana ta jijjiga, ko gefe ɗaya na jikinsa ya saki, ko jininsa ya sauka sosai, to ba a ɗiba a lokacin, a yi allurar. Maganin da aka saba shi ne seftiriyazon. Ga yaro miligiram 100 a kowane kilo a rana, wato yaron nan mai kilo 20 zai samu giram biyu kullum. Babba kuma giram biyu duk awa 12. Jarirai sabbin haihuwa tsarinsu daban ne. Idan za a tura mara lafiya daga Illela ko Sabon Birni zuwa cikin gari, a yi masa allurar farko kafin ya hau mota, a rubuta lokacin da aka yi a takardarsa. Kuma ruwan da aka ɗiba don tsirar da bakteriya ba a sa shi a firji, meningokokas ba ya jure sanyi.

Wannan lissafin allura ban kawo shi don wani ya je kemis ya yi wa yaro a gida ba. Mai sankarau yana buƙatar a riƙa duba numfashinsa da bugun jininsa da sukarinsa, a tsayar da jijjiga idan ta taso, a ƙara masa ruwa daidai gwargwado.

Idan an tabbatar meningokokas ne, sauran mutanen gidan suna cikin haɗari, domin ta numfashi da yawu yake yaɗuwa, ga mu muna kwana da yawa a ɗaki ɗaya, musamman a makarantun kwana da na allo. Ku tambayi likita ko waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar suna buƙatar maganin kariya, wanda ga babba ƙwaya ɗaya ce ta sifrofulozasin mai miligiram 500. Duk wanda ya fara zazzaɓi a gidan cikin kwana 10 a kai shi asibiti a ranar. Shi kuma yaron da ya tashi, a nemi a gwada jinsa kafin sallama ko cikin wata ɗaya bayanta, ko da yana amsawa idan an kira sunansa, don kunne ɗaya yana iya mutuwa ba a lura ba sai ya shiga aji.