Zakin Ƙarfe Biyar

Wanda ya rubuta saƙon nan da wanda yake karanta shi ba mutum ɗaya ba ne, ko da yake suna kwana a riga ɗaya. Na farkon mutumin dare ne, mai buri kamar ya kashe shi. Shi ya buɗe kalandar wayata ya rubuta: "Tashi, zaki! Yau ce ranar farko ta sabuwar rayuwarka. Rago ne kaɗai ke kwance a wannan lokacin." Ya sa ƙarfe biyar, ya zaɓi Every day, a wajen ranar ƙarewa kuma ya bar Never. Ya ja bargo abinsa, ya bar ni da aiki.

Saƙon farko da yamma ya zo, don gogan PM ya danna maimakon AM. Na dawo daga aiki ke nan na miƙe a kujera, waya ta kira ni rago. Na gyara.

Safiyar farko kam na tashi, har da miƙa da motsa jiki. Matsalar ita ce kalanda ba ta san jiya ba, jimla ɗaya take maimaitawa. Litinin ranar farko, Talata ranar farko, har wata ya ƙare sabuwar rayuwar ba ta shiga rana ta biyu ba. Kuma abin da ido ya saba gani, daina karanta shi yake yi. Babban yatsana ya koyi share saƙon ni ina ta minshari, ko shawara ba ya yi da ni.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, haƙora na kaɗawa, sai ga shi: "Tashi, zaki!" Na ce yau ƙarshenka ya zo. Na danna gogewa, waya ta jero mini zaɓi uku: This event, This and following events, All events. Ido rabi a rufe na taɓa na sama. Ashe na ranar kaɗai na goge. Washegari zaki ya dawo da ƙoshin lafiya, ya fi ni ma.

A nan ne uwargida, wadda ƙarar ke tasa kullum alhali ba ita aka rubuta wa ba, ta ɗauki wayar ta karanta. Ta dube ni a dunƙule cikin bargo, ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da na warware na zaɓi All events, na goge shi kaf. Sai dai ta riga ta haddace. Ƙarfe biyar daidai aka yaye mini bargo.

"Maigida, tashi, zaki. Yau ce ranar farko."

Na ce, "Haba, ai na goge abin nan."

Ta ce, "Ka goge na waya. Ni nemo inda ake danna min Snooze."