Kafin Ka Tura wa Amininka Wannan Saƙon, Ka Sake Duba Shi

'Yan uwana matasa, akwai wani abu da yake ɓata tsakanin aminai a 'yan shekarun nan wanda ban ga ana ɗaukarsa da muhimmanci ba, wato saƙon da mutum yake rubutawa a waya cikin ɓacin rai, ya danna masa turawa tun kafin zuciyarsa ta huce. Sau da yawa mai saƙon yana da gaskiya, kuma abin da yake nema haƙƙinsa ne, amma yadda ya jera kalmominsa sai ya sa abokin ya manta da gaskiyar, ya riƙe zafin kawai. Magana zarar bunu ce, ta rubutu kuwa ta fi muni, domin tana nan a wayar abokinka, zai iya komawa ya karanta ta sau goma, kuma kowane karatu yana ƙara mata kaifi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Idan kuna zaune tare ka ce wa amininka ya cika saɓa alkawari, yana ganin fuskarka, yana jin muryarka, ya san cewa ba ƙiyayya ta sa ka faɗa ba. A rubuce kuwa babu fuska, babu murya, saboda haka shi ne zai sa wa kalmominka muryar da zai ji su da ita, kuma mutumin da ya san yana da laifi yakan zaɓi murya mafi zafi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Ka ranta wa amininka kuɗi, ya yi maka alkawarin zai biya a ƙarshen wata, yanzu wata uku ke nan bai biya ba, bai kuma ce komai ba, ga shi wata larura ta taso maka wadda dole ka biya ta ranar Juma'a. Sai ka rubuta: "Kai dai ba ka da alkawari. Kullum haka kake yi. Wata uku ke nan. Ka turo min kuɗina."

Idan ka dubi wannan saƙo da kyau za ka ga abubuwa biyu ne aka cakuɗa a cikinsa. Akwai hukunci a kan halin mutumin, wato "ba ka da alkawari" da "kullum haka kake yi", sannan akwai buƙata, wato a biya ka kuɗinka. Zafin saƙon gaba ɗaya yana cikin hukuncin ne, manufarsa kuwa tana cikin buƙatar. Kalma irin "kullum" ko "ba ka taɓa" tana buɗe ƙofar musu, domin nan take abokinka zai tuna ranar da ya cika maka alkawari, ya kawo maka ita a matsayin hujja, sai ku wayi gari kuna jayayya a kan halinsa, maganar kuɗin kuma ta bi iska. Abin mamaki ma, duk da zafinsa, saƙon bai faɗi ranar da kake son kuɗin ba, ke nan ya yi rauni a wurin da ya kamata ya yi ƙarfi.

To, a nan ne masu sauƙin kai suke faɗawa wani ramin, kuma a ganina wannan ramin ya fi na farko yawan kama mutane. Sai mutum ya ji nauyin abokinsa, ya goge komai, ya rubuta: "Abokina, ka yi haƙuri da damuwa, maganar nan ce, idan ka samu hali, amma ba gaggawa." Wannan saƙo yana da laushi, sai dai ba gaskiya ba ne, domin akwai gaggawa. Abokinka zai karanta, ya gaskata abin da ka rubuta, ya bar maganar zuwa wani watan, kai kuma ka zauna kana cin rai kana cewa ba ya jin kunya, alhali da hannunka ka rubuta masa cewa ya ɗauki lokacinsa. Ka cuci kanka, ka kuma cuce shi, tunda kana hukunta shi a kan abin da ka ɓoye masa.

Abin da ya kamata shi ne laushin ya tafi ga mutumin, buƙatar kuma ta tsaya yadda take ba tare da an rage mata komai ba. Ga yadda saƙon zai iya kasancewa: "Abokina, ina fata kana lafiya. Ina so in tuna maka kuɗin nan da muka yi da kai za ka mayar a ƙarshen wata, yanzu wata uku ke nan. Wata larura ta taso mini da zan biya ranar Juma'a, saboda haka ina buƙatarsu kafin ranar. Idan ba za su samu duka ba, ka gaya mini yau nawa za ka iya, domin in san yadda zan yi da sauran."

Ka lura da abin da ya faru a nan. Wata ukun suna nan, ba a ɓoye su ba, amma sun zo a matsayin abin da ya faru, ba tare da an ɗora masa sunan marar alkawari ba. An faɗi dalili, kuma dalili yana sauƙaƙa wa mutum karɓar magana, domin ya fahimci cewa larura ce ta sa ka yi magana. An sa rana. Jimlar ƙarshe kuwa ita ce ta fi kowace aiki, saboda mai bashi sau da yawa kunya ce take sa shi yin shiru idan ba shi da cikakken kuɗin, wannan jimla kuma ta ba shi hanyar da zai amsa maka ba tare da ya tozarta ba. Sai dai kada ka rubuta ta idan ba za ka karɓi rabi ba, domin tayin da ba ka nufa ba shi ma ƙarya ce.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko gyaran ya yi. Ka karanta saƙon kamar kai aka turo wa, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin abin da ake so da ranar da ake son sa. Idan ba za ka iya ba, laushin ya cinye manufar. Sannan ka nemi duk jimlar da take siffanta halinsa ka cire ta. Ina kuma ba da shawarar a guji lika hoton fuskar dariya a ƙarshen irin wannan saƙo, domin ko dai ya sa a ɗauki maganar wasa, ko a ɗauke ta gatse. Haka nan neman afuwa sau ɗaya ya isa, idan ma akwai buƙatarsa; wanda ya ba da haƙuri sau uku a saƙo guda ya nuna kamar shi ne mai laifin.

Kada kuma ka dogara da cewa za ka gyara bayan ka tura. WhatsApp yana ba da minti 15 na gyara saƙo, yana kuma ba da damar goge shi, amma duka biyun suna barin alama, kuma mai yiwuwa abokinka ya riga ya karanta shi a saman allon wayarsa tun lokacin da ya shigo. Ya fi kyau ka rubuta shi a wani wuri daban, ka ajiye wayar na ɗan lokaci, ka dawo ka karanta da sanyin rai.

Wannan gyara yana da iyaka. Idan ka tura saƙon da aka tsara da kyau, ka ga an karanta, kwana biyu ba amsa, kada ka bi shi da saƙonni biyar a jere, kowanne ya fi na baya zafi. Ka kira shi ya ji muryarka. Idan kuma abin da ke ranka ya wuce kuɗin, wato shirun da ya yi maka na wata uku ne ya fi yi maka ciwo, to wannan magana ce ta zama ido da ido, aikin saƙon kawai shi ne ya ce: "Abokina, akwai maganar da nake so mu yi, yaushe za ka samu lokaci mu haɗu?"