Makin Malam Mai Tsauri da na Malam Mai Sakin Hannu

Ƙanena ya kira ni daga Garwa ta Kamaru ransa a ɓace. Ɗansa ya ci 8 bisa 20 a rubutun insha'i na Faransanci, ɗan maƙwabcinsu kuma, da ke ɗaya ajin a lise ɗin, wato sakandarensu, ya ci 13. Jarrabawa ɗaya ce, malaman ne daban. "Yaya, ai kowa ya san malamin nan hannunsa a rufe yake," in ji shi. Abin da iyaye ke nema shi ne a ƙara wa ajin duka maki biyar, mwayen ɗin azuzuwan biyu, wato matsakaicin makinsu, ta zo daidai.

Na ce masa ban yarda ba, ko da yake yaron ɗana ne.

A makarantar da nake koyarwa nan Ingila, ba a taɓa makin kowa don matsakaicin aji ya bambanta kawai, domin mai yiwuwa ne ajin ne mai rauni. Takardun ake komawa. A ce aji ɗaya na da 8, ɗayan 13. Sai a zaro takardu shida daga kowanne: na sama, na ƙasa, da waɗanda ke bakin 10, tunda nan ne ci da faɗuwa suke. A rufe suna, a rufe makin farko, kowane malami ya duba duka goma sha biyun shi kaɗai. In aka ga a kusan kowace takarda mai tsaurin yana ƙasa da abokinsa da maki uku, to ukun nan hannun malami ne, sauran biyun kuwa na yaran ne. Da an ƙara biyar, an yi kyautar maki biyu kenan. Kuma ba lallai ukun ya zama ƙari ba. In barem, wato tsarin ba da maki, ya nuna mai sakin hannu ne ya wuce gona da iri, nasa ake ragewa.

Inda abin ke da wuya shi ne idan tazarar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Na taɓa zama da wata malama da muke daidai a takardu masu kyau, amma a raunana takan zabge maki huɗu, saboda tana cire maki a kan kowane kuskuren rubutu ba iyaka. Ƙarin bai-ɗaya ba ya gyara wannan. Dole muka tsayar da iyakar abin da za a cire, ta sake duba ajinta gaba ɗaya.

Na san malaminmu na Garwa aji ya cika masa maƙil, ga takardu jibge. Amma takarda goma sha biyu aikin yamma ɗaya ne. Na ce wa ƙanena ya je wurin sansar, mataimakin shugaban makarantar mai kula da karatu, ya nemi a yi hakan, ya kuma shirya ransa, don takardar ɗansa tana iya tsayawa a 8 ɗinta.