Yadda aka yi wa Gwaggo ta'aziyya tana tsaye kan tukunya

Mutanen Jos da yawa suna jin Hausa kamar me, amma ba sa karanta ta. Matar da za ta tsaya a Farin Gada ta yi ciniki da mai tumatir har ta sa shi gumi, in ka miƙa mata layi biyu na Hausa a waya sai ta matse ido ta wuce. A can gefe kuma akwai dattijon Gangare da ke karanta Hausa tiryan-tiryan, amma da ya hango Turanci sai ya ce ba da shi ake ba. Gwaggona tana dafa abincin oda a wajen Bauchi Road, kuma kuɗin waɗannan mutane biyu duka take so. Ni ne mai rubuta mata bayanin da ake sawa a ƙasan hoto, ladana kuwa ƙanzo.

Hanyar da kowa ke fara bi ita na bi: a rubuta da Hausa, a ja layi, a maimaita da Turanci. Matsalarta lissafi ne kawai. Instagram yana barin mutum ya rubuta har harafi 2,200, amma abin da mai wucewa ke gani bai wuce kusan 125 ba, sauran yana ɓoye ƙarƙashin `more`, kuma in ka yawaita sauka layi ya kan yanke tun kafin nan. Gwaggo kuwa ba ta yarda a yi wa jama'a magana ba sallama. Buɗewarta ita ce "Assalamu alaikum warahmatullah jama'a, barkanmu da war haka, da fatan mun tashi lafiya, ya iyali, ya sanyin Jos." Gaisuwar nan kaɗai ta haura harafi 100. Mai Hausa ya sha gaisuwa bai ga farashi ba, mai Turanci ko gaisuwar bai samu ba, nasa yana can ƙasa inda ba mai leƙawa sai maƙiyi.

Na kawo shawarar a rage gaisuwa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, a gidan ubanka haka ake shiga wa mutane?" Na ce a'a Gwaggo. Ta ce to.

Da gaisuwa ta ƙi taɓuwa, sai na koma matse sauran. Na ce tunda 'yan Jos gauraya harsunan suke yi a baki, bari in gauraya a rubuce, kowa ya tsinci nasa. Abincin ranar shinkafa da wake ne, kuma waken ne abin alfaharinta, don haka shi na sa gaba. A ranar ma ta yi sassauci, ta ce a bar gaisuwar tunda sauri ake. Ga abin da ya fita:

```
Wake this Saturday @ Hajiya's house, bayan azahar. A zo a karɓa.
```

Hoton da ta zaɓa da kanta shi ne wanda ta ɗauka ranar sunan jikarta, ta sha mayafi mai duwatsu, tana murmushi tana kallon sama kaɗan. Ba tukunya, ba faranti.

A Turancin mutanenmu, kalmar farkon nan zaman makoki ce, irin wanda maƙwabtanmu Kiristoci ke yi da dare kafin binne mamaci. Kafin a kira la'asar wata tsohuwar kwastoma daga Rayfield ta rubuta cewa Hajiya mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa rage mata nama ba. Wani ɗalibin jami'a ya sa hoton kyandir. Wata ta tambaya ko za a saka anko. Gwaggo tana tsince wake a tire wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka ta ce "Salamu alaikum", sai wadda ta kira ta kurma ihu ta kashe. Da aka warware mata zancen, abin da ya fi ƙona mata rai shi ne wanda take bi bashin kwano shida ya fi kowa tsawon addu'a.

Hausar boko da Turanci kusan haruffa ɗaya suke amfani da su, saboda haka akwai kalmomin da ke zaune daram a harsunan biyu da ma'ana dabam: wake, fate, mace, sun, har sunan Sale. Ido yana karanta kalma da harshen maƙwabtanta. In ka dasa ta kusa da Turanci, Turanci za ta zama. Maganin ba shi da wuya. Kada irin wannan kalma ta zo farkon layi, kada kuma ta tsaya ita kaɗai. "Shinkafa da wake" ba mai yi masa kuka, "faten dankali" ma haka, domin ƙaramin harafin nan na ƙarshe ya riga ya fitar da shi daga Turanci.

Amma ɓarnar da ta fi cin kuɗi ba ta ta'aziyyar ba ce, tana sauran layin. Bayan an gyara an ce Hajiya na nan da ranta, oda ta shigo sosai, don mutane suna son ganin wadda ta dawo. Sai dai "bayan azahar" da "a zo a karɓa" da Hausa kaɗai aka rubuta su. Masu Turanci suka biya, suka zauna a gida suna jiran ɗan aike. Wani da ya fahimci cewa zuwa ake yi ya iso da hantsi ko wuta ba a hura ba, aka ba shi benci. Cakuɗa harshe a jimla ɗaya tana raba bayani gida biyu: wannan ya san rana bai san lokaci ba, wancan ya san lokaci bai san rana ba. Gajarta ta samu, amma kowa rabin saƙo ya tafi da shi.

Abin da ke aiki shi ne a zauna a ware bayanan tun kafin a rubuta jimla ko ɗaya. A irin wannan talla abubuwa shida ne: mene ne, nawa ne, yaushe, ƙarfe nawa, a ina, sai me ake so mutum ya yi. In ka duba da kyau, biyar na farko ba su da harshe, ko kuma ana iya cire musu shi. Sunan abinci ba a fassara shi, masa masa ce a bakin kowa a Jos, wanda bai san sunan ba hoto zai gaya masa, da sharaɗin hoton na abincin ne ba na mai dafawa ba. Farashi a sa shi da lambobi, N2,500, ba "dubu biyu da rabi" ba. Sunan unguwa a bar shi yadda ɗan Keke ya san shi. Lokaci a sa agogo, domin azahar ɗin wani masallacin ƙarfe ɗaya ce, ta wani ƙarfe biyu, balle wanda ba ya bin kiran salla. Watanni kuwa sunayensu kusan ɗaya ne a harsunan biyu, mai karanta Disamba ba zai ɓata a `Dec` ba. Ranar mako ce kaɗai ke neman tagwaye, tunda Asabar ba ta yi kama da takwararta ba ko kaɗan.

Na shidan, wato umarni, shi kaɗai ne ake rubutawa sau biyu, kowane harshe da layinsa cikakke. Ga yadda na Gwaggo ya koma:

```
Shinkafa da wake, N2,500
Asabar/Sat 14 Dec, 1pm-4pm, Bauchi Road
A turo saƙo a yi oda, a zo a karɓa.
DM to order, pickup only.
```

Dukansa bai kai harafi 130 ba. Layi biyun farko na kowa ne, saboda haka ko a nan manhaja ta yanke, mutum ya riga ya san abinci, kuɗi, rana da wuri. Layi na uku da na huɗu ba fassarar juna ba ne kalma da kalma, aiki ɗaya suke yi kowanne da tafiyarsa. Na Hausar an gina shi da "a", ba "ka" ko "ki" ba, don Turanci ba ya bambanta mace da namiji a umarni, Hausa kuwa tana yi, kuma "ka/ki" a kowace gaɓa cin wuri ne da ciwon ido. Sandar nan mai raba kalma biyu, guda ɗaya ta isa a layi. In ta kai uku, rubutu ya koma takardar cike gurbi ta asibiti.

Akwai ƙarin dalilin ba kowane harshe layinsa. Facebook da Instagram suna da `See translation`, kuma na'urar tana fara cankar harshen rubutun ne kafin ta juya shi. Jimlar da aka cakuɗa tana rikita cankar, sai ta fassara abin da ba ya buƙata ta bar mai buƙata. Haka nan a rubuta ƙ, ɗ da ɓ da lanƙwasarsu, Gboard yana da allon Hausa. Saƙo in ya rasa lanƙwasa ya zama sako, wato a saki abu. In za a ɗora rubutun a kan hoton kansa, a duba salon haruffan tukuna, don da yawa daga masu ado ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar "karɓa". Alamar naira mai layi biyu ma tana shan wannan wulaƙanci, shi ya sa na bar N tsurarta.

Kafin a saki, gwaji ɗaya nake yi. In rufe layin Turanci da babban yatsa in miƙa wa Gwaggo, in tambaye ta abubuwa shidan nan. Sannan in rufe na Hausa in miƙa wa ɗalibar da ke haya a ɗakin ƙofar gida, 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce "ina kwana" da "nawa ne" ba. Ba a tambayarsu ko rubutun ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Ana tambaya ne: ƙarfe nawa za ki zo, kuma wa zai kawo miki? In amsoshin biyu suka saɓa, akwai bayanin da ya maƙale a harshe ɗaya, a nemo shi a maido shi layin kowa.

Gaisuwar kuwa an yi sulhu. Ta sauka ƙasa, bayan layi huɗun, da Hausa zalla ba fassara, kuma tunda a can wuri ba ya ƙarewa Gwaggo ta ƙara mata "ya gajiya" da "ya aka ji da tsadar gas". Ta kuma sa sharaɗin a riƙa rufewa da sanarwa ga mai kwano shida, cewa tana nan lafiya lau kuma littafin bashi yana hannunta. Wannan kam ta ce a rubuta da harsunan biyu cikakke, kome tsawonsa.