Waƙar yaye da ta fito da mai gadi daga ɗakinsa

Hedimastan wata makarantar firamare a unguwarmu ya ji labarin ina da fiyano a gida, sai ya yanke hukuncin cewa ni mawaƙi ne. Ya ce in haɗa wa 'yan aji shida ɗan gajeren kari da za su rera ranar bikin yaye su, kada ya wuce rabin minti, kuma kada ya zama na wani. Da na yi maganar lada, ya ce Allah ne mai biya.

Na fara da ƙwaya, wato ɗan guntun sautin da duk waƙar za ta tsiro daga jikinsa. Sauti uku zuwa biyar sun isa, muddin yaro zai iya maimaitawa daga ji ɗaya. Ban tsaya lalube a kan fiyano ba, baki na saurara. Idan Bahaushe ya ce "mun gode", gaɓa biyu na farko suna sama, ta ƙarshe ta sauko. Sai na ba su so, so, mi: bugu ɗaya, bugu ɗaya, sannan "de" ya ja bugu biyu. Jimilla bugu huɗu, gida ɗaya ke nan. Na kuma tsaya kan sautuka biyar kawai, do, re, mi, so, la, waɗanda a kan fiyano su ne C, D, E, G, A. Na ajiye fa da ti gefe, domin su ne masu manne wa maƙwabtansu da rabin taki, kuma a nan ne muryar yara ke zamewa.

Ƙwayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Daɗin ne ma ya sa na jera ta sau takwas a gida takwas, ba canji ko na anini, na ɗauki fiyanon na tafi gwaji a makaranta bayan an tashi. Ina cikin zagaye na biyu sai ga Baba mai gadi ya fito da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ya wangale ƙofar makarantar. Ya ɗauka wata mota ce ke masa oda. Da ya gano ni ne, ya dube ni ya ce, "Malam, in gyara kake yi, ka kai ta wajen masu rediyo mana." Gaskiyarsa. Kunne yana son ya ji abu sau biyu don ya gane shi; a karo na uku ya riga ya san me zai zo, kuma in abin ya sake zuwa yadda yake, sai ya daina jin waƙa, ya fara jin ƙararrawa.

Haushi ya sa na koma ɗaya gefen. Na rubuta gida takwas, kowanne da fuskarsa, na dawo da fa da ti, na sa tsalle daga do na ƙasa zuwa do na sama don a san na yi karatu. Yaran suka saurara cikin ladabi. Da na ce su rera, kowa ya kama gabansa, wani ma ya zarce cikin taken ƙasa, saboda shi ne abin da ya fi kusa da hannunsa. Babu abin da ya dawo a cikin waƙar, don haka babu inda ƙwaƙwalwa za ta riƙe.

Abin da ya yi aiki yana tsakiya: a maimaita siffar, a sauya mata wurin zama. Gida na farko so, so, mi. Gida na biyu tsawon bugu iri ɗaya, saukowa iri ɗaya, amma daga ƙasa: mi, mi, do. Yaro yana jin ɗan'uwan na farko ne, ba baƙo ba. Gida na uku ƙwayar ta dawo yadda take. Na huɗu ya tsaya a kan re, kuma da gangan ne: re bai zauna ba, kunne yana jin magana ba ta ƙare ba, sai ya jira.

A wannan jiran ne ake shigo da saɓani, kuma kalmar da kanta ta ba ni shi. "Malamai" tana farawa ƙasa, ta tsaya ƙasa, ta hau a gaɓar ƙarshe, kishiyar "mun gode" sak. Gaɓar tsakiya kuma gajeriya ce. Saboda haka abu biyu suka canza tare: hanya ta koma hawa, bugu ya koma ɗaya da rabi, rabi, biyu. Abu biyu sun wadatar. Da na ƙara da canza sauri ko maɓalli, da ta zama wata waƙar daban da aka liƙa a tsakiya. Ga yadda ta tsaya:

```
1 so so mi   2 mi mi do   3 so so mi   4 mi mi re
5 re re so   6 mi mi la   7 so so mi   8 re re do
```

La, sauti mafi tsayi a waƙar, sau ɗaya ya fito, a gida na shida. In ya fito tun farko, babu sauran inda za a hau. Daga la kuma taki ɗaya ne a sauka kan so, inda ƙwayar ke jira, shi ya sa dawowar ba ta wahalar da kowa. Faɗin waƙar duka daga do zuwa la ne, kowane yaro yana kaiwa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. A bugu 96 cikin minti, bugu 32 daƙiƙa 20 ne cif.

Na gwada ɗaga "de" sama a gida na uku don ado. Nan take yaran suka koma kamar Turawa masu koyon gaisuwa, har wata yarinya ta rufe baki tana dariya. Na mayar da shi inda yake. Wajen neman wasu kalmomi masu siffar "mun gode" na samu "mun dace", na kuma samu "mun ƙare", wanda ya zauna daram a kan karin. Hedimasta ya ce a gaban iyaye da suka biya kuɗin makaranta shekara shida, ba za a rera wannan ba.

Saura matsala ɗaya, wadda sai a gwajin ƙarshe ta bayyana. Gida na huɗu da na takwas sun yi kama da yawa, kalmominsu ma ɗaya, kuma dukkansu suna bin so, so, mi. Da yaran suka iso ƙarshe, sai suka rera mi, mi, re maimakon re, re, do. To re ba wurin tsayawa ba ne, don haka suka zarce zuwa "malamai", suka dawo, suka sake faɗawa kan re, suka sake zarcewa. Ina ɗaga hannu suna ɗauka ƙarin murya nake nema. Sai da malamar ajin ta buga tebur da dasta.

Gyaran bai taɓa sauti ko ɗaya ba. Na cire "mun gode" daga gida na bakwai da na takwas na sa "mun dace", don baki ya san ya shiga hanyar fita tun kafin ya isa ƙofa, na kuma koya musu gida biyun nan su kaɗai, da tafi ɗaya a bugun ƙarshe. Ranar biki suka tsaya a kan do tare, ban da wani yaro a layin baya da bai zo gwaji ba, wanda ya ɗaga murya shi kaɗai ya ce "malamai", iyaye kuma suka tafa masa a matsayin mai jan baki.